Daga Gurbi Zuwa Adadi: Yadda Ake Ƙidaya Bairas a Ɗakin Gwaji

Bairas ba ta hayayyafa sai a cikin ƙwayar halitta mai rai. Saboda haka mai son noma ta dole ya fara renon ƙwayoyin da za ta kama. Daga cikin waɗanda aka fi amfani da su akwai ƙwayoyin Vero, waɗanda aka samo daga ƙodar wani birin Afirka a Japan a 1962. Ana renon su a faranti cikin ruwan abinci, a zafin digiri 37, har su rufe ƙasan farantin kamar shimfiɗa.

Wannan shimfiɗa ita ce ma'aunin ƙidaya, a dabarar da Renato Dulbecco ya fara yi wa bairas ɗin dabbobi a 1952. Da farko ana sirka samfurin bairas, kashi ɗaya cikin goma, a sake sirka sirkin, a yi ta maimaitawa. Daga kowane mataki a zuba mililita 0.1 a farantinsa, a jira kamar awa guda bairas ta shiga ƙwayoyin. Sannan a rufe su da aga, wani abu mai daskarewa kamar kamu.

Rufin nan shi ne ginshiƙin gwajin. Yana hana sabbin bairas yawo cikin ruwa, sai dai su kama ƙwayoyin da ke maƙwabtaka da su. Bayan 'yan kwanaki a kashe bairas da fomalin, a rina shimfiɗar. Inda ƙwayoyi suka tsira zai yi shuɗi, inda suka mutu kuwa zai bar farin gurbi. Kowane gurbi daga bairas guda ya faro.

A ɗauka farantin da aka sirka sau shida, wato kashi ɗaya cikin miliyan, ya ba da gurbi 42. Lissafin shi ne:

42 ÷ (0.000001 × 0.1) = 420,000,000 PFU/ml

Wato kowace mililita ta samfurin asali tana ɗauke da bairas miliyan 420 masu iya haifar da gurbi. Ana tantance wannan da farantin mataki na bakwai, wanda ya kamata ya nuna gurbi huɗu ko kusa da haka. Na mataki na biyar ba ya ƙirguwa, domin gurabensa sun haɗe.

Kuskure yana da alamominsa. Idan farantin shaida, wanda ba a zuba wa bairas ba, shi ma ya yi gurabe, to wataƙila agar ta yi zafi ko shimfiɗar ta bushe, kuma sakamakon ya ɓaci. Haka nan adadin bai ƙunshi dukkan bairas da ke cikin samfurin ba. Masu naƙasa ba sa barin gurbi, alhali a wasu nau'o'in sun ninka lafiyayyun sau ɗaruruwa. Bairas da ba ta kashe ƙwayar da ta kama kuwa, sai an nemi wata dabarar kafin a ƙidaya ta.