Idan Aka Sace Maka Katin Banki Tare da Waya

Wanda aka yanke wa aljihu a kasuwa ko a tasha, abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne tsabar kuɗin da ke ciki. Amma babbar asarar takan biyo baya ne, idan ɓarawon ya haɗa da katin ATM da kuma wayar da layin banki yake ciki. A gaban kati akwai lambobi, galibi 16, da ranar ƙarewar aikinsa, a bayansa kuma akwai wasu guda uku. Da waɗannan ana iya sayayya ta intanet, kuma lambar tabbatarwa da banki ke turowa, wato OTP, kan layin da ke hannun ɓarawon za ta sauka. Shi ya sa jiran wayewar gari don a je banki kuskure ne babba.

Abu na farko, a ari wayar wani a rufe. Bankuna da dama a Najeriya suna da lambar gaggawa da ake dannawa daga kowace waya. Ga ta Zenith, da ta Access, da ta First Bank, a jere:

```
*966*911#
*901*911#
*894*911#
```

Za a nemi lambar asusunka ko lambar wayar da ka yi rajista da ita, don haka ya kamata a ce ka haddace su, ko ka rubuta ka ajiye a gida. Sai dai a lura, rufe kati daban, rufe asusu daban. Idan kati kawai ya faɗi, wayarka tana hannunka, rufe katin ta manhajar banki ko ta kiran layin kula da abokan hulɗa ya wadatar. Idan kuwa har da waya aka tafi, asusun gaba ɗaya za ka rufe, domin ɓarawo yana iya tura kuɗi da layin ko da katin ya mutu. Daga nan ka sa kamfanin sadarwa ya toshe layin, ka je da lambarka ta NIN a sabunta maka shi.

Washegari ka je reshen banki da katin shaida, ka kai koke a rubuce, kada ka tsaya ga faɗa da baki. Ka rubuta ranar da abin ya faru, da lokacin da ka rufe, sannan ka roƙi abu uku: a soke tsohon kati, a ba ka sabo, a buga maka takardar shige da ficen kuɗi. Ka karɓi lambar koken kafin ka tashi, ita ce shaidarka.

A kan wannan takarda ne aikin yake. A ce an sace wa wani ɗan kasuwa kati da waya da ƙarfe huɗu na yamma, bai rufe ba sai ƙarfe tara na dare. Da ya duba sai ya ga an cire naira 100 da ƙarfe biyar, wanda sau da yawa gwaji ne don a ga ko katin yana aiki. Bayan haka an sayi katin waya na 5,000, an yi sayayyar intanet ta 40,000, an kuma cire 60,000 a wurin mai POS. Kowane ɗaya sai ya ja masa layi, ya rubuta kwanan wata da lokaci da adadi da lambar cinikin, ya ce bai san da shi ba. Banki yana iya bin sawun asusun da kuɗin suka shiga, ya nemi a riƙe su idan ba a riga an kwashe ba. Na POS ɗin shi ne mai wuya, tunda ba ya fita sai da lambar sirri, kuma banki zai tambaya yadda ɓarawo ya same ta. Masu rubuta ta a jikin kati, ko masu sa shekarar haihuwa alhali katin shaida yana cikin jakar, nan suke rasa hujja. Duk abin da ya fita bayan ƙarfe tara kuwa, bankin ne zai yi bayani, matuƙar akwai shaidar lokacin rufewa.

A cikin kwanakin nan, wani zai iya kiranka ya ce daga banki yake, zai taimaka a dawo da kuɗinka, ya nemi BVN ko OTP ko lambar sirri. Kashe wayar kawai. Ma'aikacin banki ba ya neman lambar sirrinka.

Idan sabon kati ya fito, ka sa masa sabuwar lambar sirri, ka canja ta manhaja da ta tura kuɗi ta waya. In kuma mako biyu suka wuce banki bai warware kokenka ba, ka kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya ta cpd@cbn.gov.ng, ka haɗa da lambar koken da kwafin takardar da ka ja wa layi.