Lambar Madogara Ba Sunan Yanka Ba Ce

Akwai wata fahimta da ta yaɗu tsakanin ɗalibai da masu buga musu aiki a shagunan kwamfuta na Funtuwa da Malumfashi. Cewa suke yi idan aka ba littafi ko maƙala lamba a jerin madogara, lambar ta zama tasa har abada. Ko an ɗauke wani sashe daga baya an kawo shi gaba, babu abin taɓawa, tunda [5] na cikin rubutu har yanzu tana kai mai karatu ga na biyar a jeri. Masu wannan magana ba ragwaye ba ne. Tsoronsu kada garin gyara a jingina wa wani marubuci maganar da bai faɗa ba, kuma wannan tsoro yana da tushe. A salon da ake jera madogara bisa haruffan sunayen marubuta kafin a sa lamba ma, gaskiyarsu ce.

Sai dai a salon Vancouver, wanda ya samo asali daga taron editocin mujallun likitanci a Kanada a 1978, da salon IEEE na injiniyoyi, lamba tana ɗauke da ma'ana biyu. Tana nuna madogara, tana kuma nuna lokacin da aka fara ambatonta. Mai karatun da ya ga [2] sannan ya ci karo da [5] zai koma baya yana neman [3] da [4], yana zaton ya tsallake shafi ko an yanke wani abu.

Mu ɗauki rahoto kan saran kububuwa tsakanin manoma, matsalar da aka yi bincike a kanta a yankin Malumfashi tun shekarun 1970. Gabatarwa ta ambaci [1] da [2]. Sashen magani ya ambaci [3] da [4]. Sashen da ke bayanin lokutan aikin gona ya ambaci [5], [3] da [6]. Sai malami mai duba aikin ya ce a kawo sashen gona gaban na magani. Yanzu mai karatu zai haɗu da su kamar haka: 1, 2, 5, 3, 6, 4. Ke nan tsohuwar 5 za ta koma 3, tsohuwar 3 ta koma 4, tsohuwar 6 ta koma 5, tsohuwar 4 kuwa ta koma 6.

A nan ne haɗarin da suke gudu yake, amma hanyar gyara ce ke jawo shi, ba gyaran kansa ba. Wanda ya buɗe Find and Replace a Word ya mayar da [5] zuwa [3], sannan ya mayar da [3] zuwa [4], ya haɗe madogara biyu a lamba ɗaya, kuma ba zai iya raba su ba sai da tsohon kwafi. Maganin shi ne a yi aikin zango biyu. A fara adana kwafi, a rubuta tsofaffin lambobi da sababbi a takarda gefe da gefe. Sannan a sauya kowace zuwa alamar wucin gadi: [5] ta zama [S3], [3] ta zama [S4], har a gama. Bayan haka a sake tsara jerin na ƙarshe bisa takardar, sannan a cire harafin S.

Wuri biyu ne suka fi ɓoye kuskure. Na farko lambobin da aka dunƙule. Idan kammalawa ta ce [3-5], kwamfuta ba ta ganin 4 da ke ciki, don haka sai a warware su tun farko zuwa [3], [4], [5]. Sababbinsu 4, 6 da 3 ne, wato [3,4,6], ba [3-5] ba. Na biyu madogarar da ba ta fito ko'ina ba sai cikin jadawali ko ƙarƙashin hoto. A salon Vancouver tana karɓar lambarta ne daga inda rubutu ya fara ambaton jadawalin.

Wasu kan ce ai manhaja tana yi da kanta. Haka ne idan da Zotero ko Mendeley aka shigar da madogarar tun farko: danna Refresh ya wadatar. Amma lambar da aka buga da hannu rubutu ce kawai, babu manhajar da za ta motsa ta. Aikin da aka mayar zuwa wani nau'in fayil kuma yana iya rasa haɗinsa da manhajar.

Gwajin ƙarshe ba ya buƙatar na'ura. A karanta daga shafin farko da biro a hannu: duk sabuwar lamba dole ta ɗara mafi girman da ta gabace ta da ɗaya tak, kuma lamba mafi girma ta yi daidai da yawan madogarar da ke jeri. Sannan a buɗe tsohon kwafin a tabbatar kowace magana tana nan tare da mai ita. Da haka an kiyaye amanar marubutan da ake tsoron zalunta, an kuma cika sharaɗin salon da aka zaɓa.