Shayi a kan abinci: Tazarar awa guda da masu ƙarancin jini ke buƙata a Hawandawaki

A Hawandawaki da ke gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, kamar sauran garuruwan yankin har zuwa Mayahi, da wuya a kammala cin abinci ba a ɗora butar shayi a kan garwashi ba. Ana dafa koren ganyen nan na ƙasar Sin har sau uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Da safe kuma ga teburin mai shayi da burodi da madara. Ga mai ƙoshin lafiya wannan ba abin damuwa ba ne. Amma ga mai ciki, da mai jego, da yaron da jininsa ya yi ƙasa, lokacin da aka sha shayin na iya rage amfanin abincin da aka ci, har ma da maganin da aka karɓo daga likita.

Matsalar ƙarancin jini ba ƙarama ba ce a Nijar. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2012 ya gano cewa yara 73 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar na fama da ita, haka ma mata 46 cikin 100 da ke shekarun haihuwa.

Yadda shayi ke kama ƙarfe

Jiki na buƙatar sinadarin ƙarfe domin haɗa jan jini, kuma ƙarfen da ke cikin abinci iri biyu ne. Na nama da hanta da kifi yana shiga jiki cikin sauƙi, shayi ba ya yi masa wani cikas sosai. Na gero da dawa da wake da ganye kuwa, hanji ba ya ɗaukarsa sai yana narke. Ƙwayar maganin ƙarin jini ma a wannan rukuni na biyu take.

Abin da ke ba shayi ɗaci da baurin nan shi ne sinadaran da ake kira tanin, 'yan uwan waɗanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Dukawa sun daɗe da sanin cewa idan ruwan ƙarfe ya taɓa jemammiyar fata sai ta koma baƙa. Haɗuwa irin wannan ce ke faruwa a ciki: tanin ya riƙe ƙarfen, su zama dunƙulen da hanji ba ya iya tsotsa, ya fice ta bayan gida. Baƙin shayi da kore duk suna da shi, kuma gwargwadon daɗewar ganye a wuta, gwargwadon yawansa a kofi. Zuba madara ba ya magance matsalar, domin sinadarin kalsiyam da ke cikinta shi ma yana rage shigar ƙarfe.

Tun a 1975 masu bincike a Afirka ta Kudu suka nuna wannan tasiri. A 1982 wani gwaji a Suwidin ya gano shayi na rage ƙarfen da jiki ke samu daga abinci da kashi 62 cikin 100, alhali ruwan lemu yana ƙara shi da kashi 85.

Shin jikin mai ƙarancin jini ba ya kare kansa?

Idan ƙarfe ya yi ƙaranci, hanji kan ƙara ƙoƙarin tsotsa. Shi ya sa aka daɗe ana tambaya ko wannan ƙoƙari zai rinjayi shayi. Wani bincike da aka yi a Maroko, ƙasar da ita ma ake shan shayi a kan abinci, aka wallafa a 2021, ya ba da amsa. An ba mata burodin da aka ƙara wa ƙarfe. Masu ƙarancin jini da suka ci ba tare da shayi ba, jikinsu ya ɗauki kusan kashi 37 cikin 100 na ƙarfen. Da aka haɗa da shayi, sai ya faɗo zuwa kashi 4.

A ƙaddara akwai miligiram 6 na ƙarfe a abincin. Ba tare da shayi ba, jiki ya samu fiye da miligiram 2. Da shayi kuwa, bai wuce rubu'in miligiram guda ba. Matar da ke jinin al'ada na buƙatar jikinta ya tsotsi kimanin miligiram ɗaya da rabi a kullum, mai tsohon ciki kuma ninkin haka sau uku ko fiye. A Hawandawaki lissafin ya fi tsanani, domin gero da wake na ɗauke da nasu sinadarin da ke riƙe ƙarfe tun kafin shayi ya shigo, nama kuma ba kullum yake shiga tukunya ba.

Abin da tazara ke gyarawa

Wani gwaji a Birtaniya a 2017 ya gwada lokaci. Matan da suka sha kunu da ruwa sun tsotsi kashi 5.7 na ƙarfensa. Da suka sha da shayi, ya sauka zuwa 3.6. Da aka jinkirta shayin da awa guda, sai ya koma 5.7, tamkar ba a sha ba.

A ɗauki misalin mai cikin wata shida da ta je awon ciki, aka auna jininta aka samu 9. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, duk mai cikin da ke ƙasa da 11 tana da ƙarancin jini, ƙasa da 7 kuma ya zama mai tsanani. An ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, kowace da miligiram 60 na ƙarfe. Idan tana haɗiye su da shayin safe don kada su tayar mata da zuciya, ƙarfen maganin na cin karo da tanin a wuri guda.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Ta sha maganin da ruwa, ko da ɗan lemun tsami a ciki. Idan yana sa ta tashin zuciya, ta mayar da shi lokacin kwanciya, ko ta haɗa da ɗan abinci marar nono. Idan an ci tuwon rana da ƙarfe biyu, kofin farko ya jira har ƙarfe uku, kuma a gama zagaye na uku tun da sauran lokaci kafin abincin dare. A kan abincin kuma, ɗanyen tumatir ko gwaiba ko matsin lemun tsami a kwaɗon zogale na taimakawa, saboda bitamin C na hana ƙarfen dunƙulewa. Goro ma yana da tanin, don haka shi ma ya jira.

Bayan mako huɗu a sake awo. Idan magani na aiki, ana sa ran jinin ya ƙaru da aƙalla maki guda, haki da jiri su ragu. Baƙin bayan gida ba abin tsoro ba ne ga mai shan wannan magani. Ana kuma ci gaba da sha na kimanin wata uku bayan jini ya daidaita, domin jiki ya tara ajiya.

Inda shayi ba shi da laifi

Idan an kiyaye tazara, ana shan magani kullum, amma jini bai motsa ba, to akwai wani dalili. Zazzaɓin cizon sauro da ke tsananta da damina yana fasa ƙwayoyin jini. Tsutsar ciki da tsargiya na zubar da jini a ɓoye, amosanin jini kuma gado ne. Babu ɗaya cikinsu da barin shayi ke warkarwa, kowanne sai an gwada an ba da nasa magani. Nazarin da aka yi a ƙasashen da ake cin nama da 'ya'yan itace a wadace ma bai nuna mashaya shayi masu lafiya na rasa ƙarfe ba. Haɗarin yana kan wanda ajiyarsa ta riga ta ƙare.

Mai cikin da tafin hannunta da cikin idonta suka yi fari fat, tana haki ko a zaune, zuciya na bugawa da sauri, ta wuce batun jinkirta shayi. A kai ta asibiti a ranar, domin irin wannan yanayi kan kai ga ƙarin jini.