Memorin da aka rubuta wa 128GB, cikinsa giga 8

Yanzu da lokacin furojet ya kama, kusan kowa a ajinmu yana yawo da filashi a aljihu ko memori a waya, kuma yawancinmu hanya ɗaya muke bi wajen saye: a duba lambar da ke jikin abin, a sa a waya ko kwamfuta, in ta nuna lamba mai kama da ita sai a biya. To wannan gwajin ba ya tabbatar da komai. Lambar jiki fenti ce, kowa na iya bugawa. Ita kuma lambar da kwamfuta ke nunawa, ba aunawa ta yi ba, tambaya ta yi aka ba ta amsa.

Cikin kowane filashi ko memori akwai abubuwa biyu. Akwai ƙwayar da ke riƙe bayanai, wato rumbun. Akwai kuma wata 'yar ƙwaya da ake kira kwantirola, wadda aikinta kamar na akawu ne a bakin rumbu: ita ke karɓar kaya, ita ke fito da su, ita ce kuma ke gaya wa kwamfuta girman wurin. Kwamfuta ba ta leƙa rumbun da kanta. In akawun ya ce giga 128 ne, ta yarda. Masu yin jabu suna amfani da irin manhajar da masana'anta ke saita kwantirola da ita, su canza wannan amsar. Sai ka samu ƙwaya mai giga 8 tana rantsuwa cewa ita 128 ce, kuma waya da laftof da talabijin duk za su maimaita ƙaryar, don duk wuri ɗaya suka yi tambaya.

Abin da ya sa yaudarar ke daɗewa ba a gano ba shi ne giga 8 ɗin farko na gaske ne. Mai shago zai tura maka fim guda, ya buɗe, ya yi wasa lafiya lau. Wataƙila shi ma bai san jabu ba ne, a haka ya saro. Ka kai gida, ka yi wata biyu kana zuba hotuna da takardun lakca, babu matsala. Ranar da ka wuce iyakar gaskiyar, babu wani gargaɗi da zai fito. Kwafin zai tafi har ƙarshe kamar kullum. Amma bayanan, ɗaya daga cikin biyu ne: ko kwantirola ta zubar da su, ko ta koma farko ta rubuta su a kan tsofaffin. Na biyun ya fi muni, domin sabon fim ɗin da ka tura zai iya cinye babi na ɗaya na furojet ɗinka.

Kuma sunayen fayilolin za su ci gaba da fitowa, har da girmansu. Dalili shi ne jerin sunayen yana da wurinsa daban da inda ainihin bayanan suke, galibi can farko inda rumbun ke da gaske. Ka ga suna, ka danna, hoto ya ƙi buɗewa, bidiyo ya tsaya cak, takarda ta fito da haruffan da ba su da ma'ana. Nan mutane ke cewa bairos ne, su yi fomat. Fomat ba ya taɓa ƙaryar da ke cikin kwantirola, yana share jerin ne kawai a sake sabon zagaye. Masu dawo da fayil ma ba abin da za su iya, don abin da ba a taɓa ajiyewa ba, ina za a samo shi? Shi ya sa tura abu ta hanyar Cut zuwa sabon memori ganganci ne. A yi Copy, a bar asalin.

Kada kuma a rikita wannan da ɗan gibin da ke kan na gaske. Kamfanoni suna lissafin giga ɗaya a matsayin bayit biliyan ɗaya cif, Windows kuma tana lissafi da 1,073,741,824. Saboda haka filashi mai 64 na gaske zai nuna kusan 59 ko ƙasa kaɗan, mai 128 kuma kusan 119. Na sha ganin ana rigima da mai shago a kan wannan, alhali kayan lafiyarsa ƙalau.

Gwajin da ke da amfani guda ɗaya ne: a cika abin taf, sannan a karanta abin da aka zuba a gani ko ya dawo daidai. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta a Windows mai suna H2testw da ke yin hakan. Za ka kwashe komai daga memorin, ka zaɓi English don da Jamusanci take buɗewa, ka danna Select target ka nuna mata shi, ka bar ta a kan all available space, sannan Write + Verify. Za ta yi ta rubuta fayiloli masu giga ɗaiɗai har wuri ya ƙare, ta dawo ta karanta su ɗaya bayan ɗaya. Masu Linux ko Mac suna da F3, inda f3write ke cikawa, f3read ke dubawa.

Na yi wannan gwajin a kan memorin wani abokin ɗakina da ya sayo a bakin tasha, an rubuta masa 128GB. Hotunan aikin filinsa ne suka fara ƙin buɗewa, sababbin kaɗai, tsofaffin suna nan. Rubutun yana tafiya kusan megabayit 10 a daƙiƙa, ka ga cika giga 128 a haka ya haura awa uku da rabi, ban da karantawa. Mun haɗa shi da dare muka kwanta. Da safe ga abin da ke saman sakamakon:

```
The media is likely to be defective.
7.4 GByte OK
```

A ƙasa kuma layin DATA LOST ya kwashe duk sauran. Wannan 7.4 ɗin shi ne daidai abin da ƙwaya mai giga 8 ke bayarwa a lissafin Windows. Da na gaske ne, da saƙon da zai fito shi ne Test finished without errors.

Matsalar gwajin ita ce lokaci, kuma babu mai shagon da zai jira ka awa biyar, balle wuta ta tsaya. Abin da nake ganin ya fi shi ne a yi magana kafin a biya: zan gwada, in ya faɗi zan dawo da shi gobe. Wanda ya amince da kayansa ba ya jin tsoron wannan sharaɗin. Akwai kuma ValiDrive, wadda maimakon cikawa take taɓa wurare ɗaruruwa daga farkon filashin zuwa ƙarshensa, tana iya tona ƙaryar girma cikin mintuna. In babu manhaja sam, cika shi da manyan bidiyoyi, ka zare shi, ka mayar, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, kana ja har ƙarshen kowanne. Zarewar tana da muhimmanci, don in ba haka ba kwamfuta na iya nuna maka abin da ta riƙe a kanta.

Daga jiki ana iya kama wasu, ba duka ba. Alamar SDHC tana tsayawa ne a giga 32, daga nan sai SDXC, saboda haka katin da aka rubuta wa SDHC da 64GB tare ya tona kansa. Farashi ma shaida ne: in mai 128 bai kai kuɗin mai 32 na shagon kirki ba, akwai magana. Amma kwali mai kyau da sunan babban kamfani ba hujja ba ne, su ne ma aka fi kwaikwaya.

Wasu suna yanke memorin jabu su mayar da shi girmansa na gaskiya da f3fix, su ci gaba da amfani. Yana yiwuwa. Sai dai wanda ya yi ƙaryar girma ba ƙwaya mai kyau zai nema ba tun farko. Na abokin nawa waƙoƙi muka zuba masa, furojet ɗin kuma yana laftof da imel.