Takardar Ajiye Aiki: Kwanan Wata Shi Ne Ƙashin Bayanta

A ce wata nas ta shekara huɗu a ɗakin tiyatar mata, sai ta samu gurbin digiri a Jami'ar Bayero ta Kano, za a fara darasi ranar 3 ga Nuwamba. Murna ta sa tun ranar take son rubuta takardar ajiye aiki. Kafin ta ɗauki biro, ta fara binciken ko asibitin yana ba da hutun ƙaro ilimi, da albashi ko babu. A aikin gwamnati wannan hutu yana riƙe wa ma'aikaci gurbinsa, amma wanda ya ajiye aiki ya sallama kujerarsa.

Idan ba ta samu hutun ba, sai ta ɗauko takardar da aka ɗauke ta aiki da ita, domin a nan aka rubuta wa'adin sanarwa. Galibi wata guda ne, ko ta biya albashin wata a madadinsa. Daga nan lissafi ya zo da sauƙi: in tana son 31 ga Oktoba ta zama ranarta ta ƙarshe, to takardar ta isa ofis kafin Satumba ya fita. Abin lura shi ne, ana ƙirga wa'adin daga ranar da aka karɓi takardar, ba ranar da ta rubuta ta a gida ba. Shi ya sa za ta je da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata, ta adana shi. In gardama ta taso gobe, shi ne shaidarta.

Takardar kanta ba ta son tsawo. Za ta aika wa shugaban asibiti ta hannun shugabar ma'aikatan jinya, ta rubuta sunanta, lambar fayil da ɗakin da take aiki, ta faɗi cewa karatu za ta tafi, ta ambaci ranar ƙarshe, ta yi godiya. Ƙorafin alawus ko saɓani da metiron ba nan ne muhallinsu ba, don takardar a fayil za ta zauna, kuma wannan ofis ɗin za ta koma neman takardar shaidar aiki.

Me ya sa wata guda? Jadawalin diyuti yawanci na wata ake tsarawa. Nas ɗaya ta ɓace ba sanarwa, daren da aka sa sunanta wata ce za ta haɗa diyuti biyu, ga marasa lafiya na jiran allura. Don haka a makon ƙarshe ta zauna da wadda za ta gaje ta, su ƙirga magungunan da ake kullewa, kamar fetidin, kwalba-kwalba, su gwada da abin da ke cikin rajista, su sa hannu tare. Sannan ta miƙa mabuɗin kabad, ta fita ba wanda ke binta bashin komai.