Wasiƙar da Jason Altom ya bari

A watan Agusta na 1998 wani ɗalibin kimiyyar harhaɗa sinadarai a Jami'ar Harvard ta Amurka, Jason Altom, ya kashe kansa. Shekararsa ta biyar ke nan yana neman digirin dakta a hannun Farfesa Elias Corey, wanda ya ci kyautar Nobel a 1990. Aikin da ya ɗauka na haɗa wani sinadari ne mai wuyar gaske. Ya gina ɓangarorinsa biyu, haɗe su wuri ɗaya ya gagara.

Ya bar wa shugaban sashensu wasiƙa. Kokensa shi ne, malamai sun cika iko da rayuwar ɗalibansu: mutum ɗaya ke faɗin ko aiki ya yi kyau, shi ke faɗin ranar gamawa, wasiƙarsa ce kuma ke sama wa ɗalibi aiki. Ya roƙi a riƙa ba kowane ɗalibi malamai uku masu bin sawun bincikensa. Sashen ya yi hakan, amma bayan an binne shi.

Labarin nan yana sosa mini rai duk lokacin da na tuna ɗanmu da ya baro Gabi ya shiga jami'a a Maraɗi ko Yamai. Mun tashe shi da cewa malami uba ne, ba a kai ƙararsa. Sai ya miƙa babi, wata biyar shiru, ya haɗiye.

Ƙanena, in ka ga haka, malamin da kansa za ka fara samu, amma a rubuce. Ka faɗi ranar da ka miƙa babin, ka roƙi ranar zama. In kun zauna, ka aika masa abin da kuka tsayar, ka ajiye kwafi, domin ranar da magana ta je gaba takarda za a tambaya. In akwai mai duba aiki na biyu, ka sa shi a ciki tun yanzu.

In bai motsa ba, sai shugaban sashe. Kada ka tsallake shi ka nufi shugaban jami'a, don takardarka teburinsa za a maido ta, ka ƙara maƙiyi a banza. Ka je da buƙata guda: ko a sasanta ku, ko a ƙara maka malami, ko a sauya. Sauyi fa yana da tsada, wani lokaci taken binciken da kuɗinsa na tsohon malamin ne.

Amma in lalata ya nema, ko kuɗi, ko ya yi barazana, babu sauran zama da shi. Kai tsaye wurin shugaban sashe ko na tsangaya, da shaida a hannu. In kuma barci ya ƙaurace, rayuwa ta fara fita rai, a ga likita, a gaya wa na gida a ranar.

A 1999 abokan aikin Altom suka buga sakamakon haɗa ɗaya daga cikin ɓangarorin sinadarin, da sunansa cikin marubuta.