Me ya sa "Yaji Mai Daɗi" ba zai zama naka kai kaɗai ba?

A ce wata mata a Kano tana daka yaji, tana ƙullawa a leda, ta buga masa takarda mai ɗauke da suna "Yaji Mai Daɗi". Kasuwa ta buɗe, har 'yan sari suna zuwa daga Kantin Kwari da Sabon Gari. Ba a rufa shekara ba sai ga wani ya fito da nasa yajin da suna iri ɗaya. Tana iya hana shi? Da wuya ƙwarai, kuma matsalar tana cikin sunan da ta zaɓa.

Aikin alamar kasuwanci guda ɗaya ne: ta nuna wa mai saye daga hannun wa kaya suka fito. Tana iya zama suna, ko zane, ko tambari. To "Yaji Mai Daɗi" bai faɗi mai kayan ba, ya dai faɗi abin da ke cikin ledar ne da yadda yake a baki. Duk mai sayar da yaji yana da haƙƙin ya ce nasa mai daɗi ne. Da hukuma za ta mallaka wa mutum ɗaya waɗannan kalmomi, da ta ƙwace wa sauran 'yan kasuwa bakin talla. Shi ya sa dokar alamun kasuwanci ta Najeriya, wadda aka yi a 1965, ta fi buɗe ƙofa ga kalmar da aka ƙirƙira, ko wadda ba ta nuni kai tsaye ga irin kayan ko ingancinsu. Sunan gari ma yana shan wahala, domin "Kilishin Agadas" na duk mai kilishi ne a Agadas. Murɗa rubutu kuwa ba ya ceton kowa: in an ƙara harafi ko an rage amma kunne yana jin "yaji", sunan yana nan a matsayin bayani.

Da matar nan ta kira yajinta "Zabuwa", da lamarin ya sauya. Kalmar tsohuwa ce, amma babu abin da ya haɗa zabuwa da yaji, don haka wani mai yaji ba shi da hujjar cewa yana bukatarta. Wanda ya fi wannan ƙarfi shi ne sunan da babu shi a duniya sai da mai kaya ya ƙago shi. George Eastman ya yi haka a 1888 da ya raɗa wa kyamararsa Kodak, kalmar da ba ta nufin komai. Duk wanda aka kama da irin wannan suna a jikin kayansa, ina zai ce ya samo shi in ba kwaikwayo ba? Alƙali ba ya wahala a nan.

Sai dai ƙagaggen suna yana da tsada. Ranar farko ba ya faɗa wa kowa komai, sai an kashe kuɗin talla kafin ya zauna a bakin mutane. A ganina wannan wahalar ta fi sauƙi a kan shari'a, kuma akwai mafita: babban suna ƙagagge a sama, bayanin "yaji mai daɗi" da ƙananan haruffa a ƙasa. Mai bayani ma yakan samu rajista, amma sai an kawo shaidar cewa tsawon amfani ya sa jama'a suna danganta shi da mutum ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar takardar CAC a matsayin kariya. Waccan rajistar sunan kamfani ce ko na sana'a. Rajistar alama tana wani ofishi dabam a Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, kasuwanci da zuba jari. Ana fara bincike ko wani ya riga ka, sannan a shigar da buƙata a rukunin da ya dace, domin an kasa kaya da ayyuka rukuni 45, yaji kuma yana na 30. In an amince, sai a buga alamar a mujallar ofishin, a ba masu ƙorafi wata 2. Rajistar farko shekara 7 ce, kowane sabuntawa kuma shekara 14. Kariyar ba ta tsallaka iyaka: mai son kai yajinsa Maraɗi sai ya nemi rajistar OAPI da ke Yawunde, wadda ke aiki a ƙasashe 17, har da Nijar, Kamaru da Chadi, tsawon shekara 10.

Ƙagaggen suna ma yana iya lalacewa idan ya yi farin jinin da ya wuce kima. Mu nan kowane garin sabulu "omo" ne, kowane ɗanɗanon miya "magi". Kamfanonin biyu suna riƙe da alamunsu har yanzu, amma Bayer bai yi wannan sa'a a Amurka ba: a 1921 kotu ta yanke cewa a wurin masu saye Aspirin ya zama sunan maganin kansa, kowa na iya sayar da nasa da wannan suna.